Sati Shida Bayan Intabiyu: Wasiƙar da Muka Taya Ƙanwarmu Nas Rubutawa

A ofishin ƙungiya an saba kawo mana takardu iri-iri mu duba, daga na neman gurbin karatu har na rikicin fili. Wannan da za mu ba ku labarinta ta sha bamban, domin mu da aka zo neman taimako wajenmu mu ne muka fara yin kuskure a cikinta, sai da wata dattijuwa ta gyara mana. Mun nemi izinin mai labarin da mahaifinta kafin mu rubuta. Sun amince, bisa sharaɗin ba za mu faɗi sunanta ko sunan asibitin ba.

Wata ranar Asabar bayan la'asar wani dattijon ɗan ƙungiya ya shigo da 'yarsa. Daga garin Katagum suka taso, can ƙaramar hukumar Zaki, suka zo Azare takanas saboda wannan magana. Yarinyar ta yi karatun jinya ta gama, ta ƙara na ungozoma, ta yi kusan shekara uku tana aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi inda albashin bai taka kara ya karya ba. Da aka buɗe ɗaukar ma'aikata a wani asibitin gwamnati ta nema, aka kira ta intabiyu, ta je ta amsa tambayoyi. A ƙarshe wata daga cikin masu tambayar ta ce mata za su tantance lasisinta sannan za ta ji daga gare su. Ranar da suka zo wajenmu sati shida ke nan cif, ba kira ba saƙo. Ga shi kuma ta ji ƙishin-ƙishin cewa an fara kiran wasu da suka yi intabiyu rana ɗaya.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne abin da mahaifin ya faɗa daga baya, murya ƙasa-ƙasa. Wani mutum, wanda ba ma'aikacin asibitin ba ne, ya same shi ya ce yana da hanya, in aka ba shi wasu kuɗi sunan yarinya zai fito. Dattijon har ya fara tunanin sayar da bijiminsa na huɗa, ga damina ta kawo jiki. Ya ce, “Sakatare, ni dai ban san takarda ba. In kun ce in biya, sai in biya.” Muka ce, “Baba, a dakata da maganar sa. A ba mu sati biyu mu bi ta ƙofa tukuna.”

A daren muka zauna muka tsara wasiƙa. Mu faɗi gaskiya, wasiƙar koke muka rubuta. Mun ce an yi watsi da 'yarmu, mun ce 'yar asalin yankin ce, mun nemi a gaggauta ba ta aiki, a sa ta a ɗakin haihuwa tunda ungozoma ce, kuma a ɗauke mata dutin dare saboda tana da goyo kuma gidanta da nisa. Har mun shirya buga ta a takarda mai tambarin ƙungiya. Allah ya taimake mu ma'ajinmu ya ce kafin a kai, a nuna wa wata gwaggonsa, tsohuwar metiron da ta yi ritaya bayan ta shugabanci ma'aikatan jinya shekaru masu yawa.

Washegari muka je gidanta tare da yarinyar. Hajiya ta sa tabarau ta karanta har ƙarshe, ta ninke takardar ta ajiye a gefen tabarma. Ta ce, “'Ya'yana, in da ni ce a kan kujera aka kawo mini wannan, abin da zan fahimta shi ne ga wata da ba a ɗauka ba tukuna, amma ta riga ta zaɓi ɗaki, ta ƙi dare, ta kuma turo mini ƙungiya. Ke 'yata, kawo takardunki na asali in gani.”

Daga nan karatu ya fara. Abu na farko da ta fahimtar da mu shi ne shirun sati shida ba ya nufin an ƙi mutum. Masu intabiyu ba su ne ke ba da aiki ba. Su maki suke bayarwa su rubuta rahoto, rahoton ya tafi wajen shugabannin asibiti. In asibitin tarayya ne, akwai izinin ɗaukar ma'aikata da ake samowa daga Abuja, akwai Hukumar Raba Daidai ta Tarayya da ke duba yadda aka raba guraben tsakanin jihohi, sannan bayan an ɗauki mutum akwai shigar da shi tsarin biyan albashi na IPPIS. In na jiha ne, magana tana bi ta Hukumar Kula da Asibitoci da Ma'aikatar Lafiya a Bauchi. Kowane mataki yana cin lokacinsa, kuma mai neman aiki ba shi da abin da zai iya yi a kansu. Abu ɗaya ne kawai ke hannunsa, wato takardunsa. In an kira wasu an bar ka, tambayar da ta kamata ita ce ko akwai abin da ya maƙale a fayil ɗinka.

Sai ta shimfiɗa takardun a kan tabarma ta ware su kashi uku. Na farko takardar shaidar makarantar da yarinyar ta gama. Na biyu takardun rajista na Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda ma'aikata ke kira NMCN, mai hedikwata a Abuja. Ita wannan hukuma dokar 1979 ce ta kafa ta a siffarta ta yanzu, kuma ita kaɗai ke da ikon cewa wane nas ne ko wance ungozoma ce a ƙasar nan. Ƙanwarmu tana da rajista biyu, ta jinya mai alamar RN da ta ungozoma mai alamar RM, kowace da lambarta. Na uku shi ne lasisin aiki. Hajiya ta ce mutane da yawa suna haɗa na biyu da na uku, alhali ba ɗaya ba ne. Rajista tana nuna ka ci jarrabawar hukuma an shigar da sunanka littafi. Lasisi kuwa izini ne na taɓa majinyaci, kuma yana da wa'adi: duk shekara uku ake sabunta shi. Mai rajista da lasisinsa ya ƙare, kamar direba ne da ya iya tuƙi amma takardarsa ta mutu.

To me asibiti ke nufi in ya ce zai tantance lasisi? A bayanin Hajiya, abubuwa uku ake dubawa. Ana duba ko lambar rajistar da ke jikin takarda ta wannan mutumin ce a kundin hukuma, domin akwai masu yawo da takardun jabu. Ana duba ko lasisin yana da rai, ba ranar intabiyu kaɗai ba, har ranar da mutum zai kama aiki. Sannan ana duba ko sunan da ke kan lasisi shi ne ke kan sauran takardu. In abu ya yi daidai, magana ta ƙare a tebur. In an ga saɓani, sai a ware fayil ɗin gefe, wani lokaci a rubuta wa hukuma ko makaranta a jira amsa. Kuma ba lallai ne wani ya ɗauki waya ya sanar da kai cewa an ware naka ba, domin fayil ɗin da ke gabansu yana da yawa.

Ba a yi minti goma ba Hajiya ta gano matsala biyu da mu muka kalla ba mu gani ba. Ta farko suna. A takardar makaranta da rajista da lasisi, sunan yarinyar yana tare da na mahaifinta. Bayan ta yi aure sai ta je ta gyara katin ɗan ƙasa, aka sa sunan mijinta, kuma da wannan sabon sunan ta cike fom ɗin neman aiki. Ga wanda ya san ta, mutum ɗaya ce. Ga ma'aikacin da ke riƙe da fayil, mata biyu ne, ɗaya ta nemi aiki ɗaya tana da lasisi, kuma babu takardar da ta haɗa su. Hajiya ta ce wannan ya fi komai kama 'yan matanmu, sai kuma bambancin rubutun suna ɗaya, kamar a sa Muhammad a nan, Mohammed a can, a taƙaice shi a wata takardar, ko ranar haihuwa ta sha bamban tsakanin takardar sakandare da ta shaidar shekaru.

Ta biyu wa'adi. Ranar da ta yi intabiyu lasisinta yana da sauran kusan wata uku da rabi. Ranar da muke zaune saura wata biyu. In an ƙara wata biyu kafin takardun ɗauka su fito, abin da ba baƙo ba ne, za ta je kama aiki da mataccen lasisi. Muka tambaye ta me ya hana ta sabuntawa, ta ce, “Yaya Sakatare, na ɗauka sai ya ƙare ake zuwa.” Hajiya ta girgiza kai. Sabunta lasisi ba aikin yini ɗaya ba ne. Dole sai ma'aikaci ya halarci bitar ƙara sani ta wajibi da ake kira MCPDP, wadda ake shiryawa lokaci-lokaci a jihohi, ya karɓi shaidarta. Ba kullum ake yin ta ba, in zagaye ɗaya ya wuce ka sai ka jira na gaba. Da wannan shaidar zai shiga shafin hukuma na intanet ya cike fom, ya ɗora takardunsa da hotonsa, ya biya kuɗi ta Remita, inda za a ba shi lambar biya da ake kira RRR da rasit. Wanda ya bari lasisinsa ya mutu kafin ya sabunta, akwai tara a kansa. Ta kuma ja mata kunne cewa kuɗin hukuma ta Remita ake biya, ba a asusun wani mutum ba, kuma ko a shagon intanet za a cike mata, ta tabbata lambar wayarta da imel ɗinta aka sa, ba na mai shago ba.

A nan yarinyar ta faɗi abin da ya daɗe yana cin ta a rai. Ta ce ƙawayenta sun gaya mata tantancewa a hukuma tana ɗaukar wata shida kuma sai mai shekara biyu da aiki, shi ya sa ta sare. Wannan ruɗani ne da ya kamata kowa ya rabu da shi. A watan Fabrairu na 2024 hukumar NMCN ta fitar da sababbin ƙa'idoji, da aka ce za su fara aiki ranar 1 ga Maris na shekarar, a kan tantance takardun ma'aikatan jinya ga hukumomin ƙasashen waje. A cikinsu ne aka sa sharaɗin shekara biyu na aiki bayan samun lasisi, da takardar shaidar kyakkyawan hali daga shugaban wurin aiki, da cewa aikin zai ɗauki aƙalla wata shida. Ma'aikatan jinya sun yi zanga-zanga a kai a Abuja da Legas. Amma wannan magana ta masu shirin fita ce, irin masu nufin Ingila ko Saudiyya. Ba ita ce asibitin gida ke nufi ba in ya ce zai duba lasisin wanda ya nemi aiki. Kalmar ce ɗaya, aikin daban. Yarinyar ta yi ajiyar zuciya da ta ji haka.

Cikin kwana takwas aka yi abin da za a iya. Ta je kotu ta yi rantsuwar canjin suna, aka buga sanarwa a jaridar ƙasa, ta haɗa da takardar shaidar aure. Ta shigar da buƙatar gyaran suna a hukuma. Ta yi sa'a akwai zagayen bita da ke tafe, ta yi rajista ta karɓi rasit. Hajiya ta ce kada a jira sai sabon lasisi ya fito kafin a rubuta wasiƙa, domin lokaci ba ya jira. Abin da ake so shi ne asibiti ya ga ta san da matsalar kuma ta kama hanyar gyara, da shaida a hannu.

Sannan aka koma kan wasiƙa. Hajiya ta kafa mana sharuɗa. Da sunan yarinyar za a rubuta, ita za ta sa hannu, ba tambarin ƙungiya. Kada ta wuce shafi ɗaya. A aika ta ga shugaban asibiti, domin shi ne ke karɓar wasiƙun hukuma, a nuna cewa a ja hankalin sashen mulki da ke kula da ɗaukar ma'aikata, a kuma ba shugabar ma'aikatan jinya kwafi. Da Turanci aka rubuta, amma ga ma'anarta:

“Ranka ya daɗe. Ina cikin waɗanda aka yi wa intabiyu na aikin jinya a ranar kaza, lambata a jerin masu nema kaza. Ina godiya da damar da aka ba ni. A ƙarshen intabiyun an shaida mini za a tantance lasisina. Na rubuto ne in sanar cewa sunan da ke kan rajistata da lasisina na kafin aure ne, wanda na cike fom da shi kuma na bayan aure ne. Na haɗo takardar rantsuwa ta kotu da shafin jarida da shaidar aure. Haka kuma lasisina zai ƙare a ranar kaza, kuma na fara shirin sabunta shi, ga rasit a haɗe. Ina roƙon a sanar da ni ko an kammala tantancewar, ko akwai wata takarda da ake buƙata in kawo. Ina da rajistar jinya da ta ungozoma, kuma na yi kusan shekara uku ina karɓar haihuwa da kula da masu jego. Idan aka ɗauke ni, a shirye nake in yi aiki a duk ɗakin da aka ga ya dace da kowane duti. Zan so sanin ko ana sanar da ɗakin da mutum zai fara kafin ranar kama aiki, domin in shirya masauki a kusa.”

A ƙasa aka sa lambobin rajistarta guda biyu, da lambar waya, da jerin takardun da aka liƙa, ɗaya bayan ɗaya. Kwafi kawai aka liƙa. Hajiya ta ce takardar asali ba ta kwana a ofishin kowa: a nuna, a gani, a dawo da ita jaka.

Yadda ake kai wasiƙar ma da ƙa'idarsa. An buga kwafi uku. Ita da kanta ta kai ofishin karɓar wasiƙu da safe, ta miƙa ɗaya, ta roƙi a buga mata hatimin shaidar karɓa da kwanan wata a kan nata kwafin. Wannan hatimin shi ne abin da za ta nuna in ta dawo bibiya, kuma shi ke sa wasiƙa ta shiga littafi a san teburin da ta nufa. Saƙon waya ga wani da ka sani a ciki ba ya shiga fayil. Daga nan ta wuce ofishin shugabar ma'aikatan jinya ta bar kwafi wajen sakatariya, ta gaisa, ta fito. Hajiya ta ce mata ta ba su kwana goma na aiki kafin ta sake leƙawa, kada ta zama mai zaman bakin ofis kullum.

Mu dawo kan maganar ɗaki, domin a nan ne muka fi yin gardama da Hajiya. Muka ce, “Hajiya, ai ungozoma ce, me zai hana ta nemi ɗakin haihuwa kai tsaye?” Ta ce mu fahimci wanda ke raba ɗaki da lokacin da ake rabawa. Takardar ɗauka ba ta cewa an ɗauke ki ɗakin kaza. Cewa take an ɗauke ki ma'aikaciyar jinya a mataki kaza na albashi. Sai kin karɓa, kin yi gwajin lafiya, an buɗe miki fayil, sannan a miƙa ki sashen jinya. Shugabar sashen ce ke duba inda ya fi ƙarancin hannu: ɗakin maza, ɗakin mata, ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata, ɗakin yara, ɗakin jarirai marasa lafiya, ɗakin haihuwa, ko sashen haɗari da gaggawa. Kowane ɗaki yana buƙatar mutanen da za su cike duti uku, safe da rana da dare, kwana bakwai a mako, ga masu hutun shekara, ga masu hutun haihuwa, ga waɗanda suka tafi ƙaro karatu. In mutum ɗaya ya ce ba ya dare, wani ne zai ɗauki nasa.

Ta ce abin da ke sa a kai mutum wani ɗaki na musamman shi ne takarda da gogewa, ba roƙo ba. Wanda ya yi ƙarin kwas na aikin ɗakin tiyata, ko na sa barci, ko na ido, ko na jinyar yara, ko na taɓin hankali, kuma hukuma ta yi masa rajista a kai, da wuya a kai shi wani wuri dabam, domin irinsu ba su da yawa. Mai rajistar jinya da ungozoma kuwa ana iya sa ta kusan ko'ina, kuma a ganin shugaba wannan daraja ce. Shi ya sa a wasiƙa aka faɗi abin da ta iya aka tsaya, aka bar wa mai rabo ya haɗa da kansa. Game da goyo da nisan gida, ta ce gaskiya ne, kuma ana dubawa, amma wurin faɗarsa shi ne gaban shugabar ɗaki lokacin tsara jadawalin duti, bayan an zama ɗan gida. Ta ƙara da cewa kada yarinya ta yaudari kanta: ba a zuwa dutin safe daga Katagum, balle da damina in ruwa ya cika a yankin Zaki hanya ta yi wuya. Ta nemi ɗaki kusa da aiki ko gidan dangi, ta kuma zauna da mijinta su gama wannan magana tun kafin takarda ta fito.

Rana ta tara bayan kai wasiƙa aka kira ta daga sashen mulki. Ashe abin da Hajiya ta hango ne. An ware fayil ɗinta tare da na wasu saboda saɓanin suna. Aka ce ta zo da takardun asali, ta kai, aka gani, aka mayar da fayil cikin layi. Takardar ɗaukarta ba ta fito nan take ba, sai bayan wasu makonni tare da rukuni na biyu. Kafin ranar kama aiki ta gama bitar, ta cike fom ɗin sabuntawa, ta tafi da shaidar biya. Bijimin Baba yana nan, da shi aka yi huɗar bana. Shi kuwa mai cewa yana da hanya, da an ba shi kuɗin, da sunan ya fito zai ce aikinsa ne, alhali takardar kotu da shafin jarida ne suka warware matsalar.

Ɗakin haihuwa kuwa ba ta samu ba. Ɗakin yara aka kai ta, a daidai lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika gadaje. Ranar da aka faɗa mata ta kira mu muryarta ba daɗi, ta ce duk abin da ta ƙware a kai an ajiye shi gefe. Muka haɗa ta da Hajiya. Hajiya ta ce mata, “'Yata, ana juya ma'aikata daga ɗaki zuwa ɗaki, naki zai zo. Kafin nan ki koyi sa wa jariri allurar ruwa a jijiya, ki koyi lissafin maganin yaro bisa nauyinsa, ki gane yaron da jininsa ya yi ƙasa tun daga tafin hannunsa. Ranar da kika koma ɗakin haihuwa za ki ga amfaninsu.” Har yanzu da muke wannan rubutu tana ɗakin yara, tana yin darenta kamar kowa, ƙanwar mijinta na kwana da goyon. Gyaran suna a lasisi shi ma tana kan bibiya, don haka duk inda za ta tana tafe da kwafin rantsuwar kotu a jaka.

Mun rubuta wannan ne domin mun san ba ita kaɗai ba ce. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a Azare a 2021, ga kuma masu zuwa makarantun jinya a Bauchi da sauran wurare, 'ya'yan ƙasar Katagum da ke shiga wannan aiki sai ƙaruwa suke, kuma yawancinsu mata ne da aure zai same su tsakanin gama karatu da samun aiki. Duk mai ɗa ko 'ya ko mata a wannan layi, ya ce su ɗauko lasisinsu yau su duba ranar ƙarewarsa, su jera shi da katin ɗan ƙasa da takardar makaranta su karanta sunayen harafi bayan harafi. In saura wata shida, a fara neman zagayen bita. In suna ya saɓa, a je kotu tun ba a buɗe ɗaukar aiki ba.

Mu ma a ofis mun ɗauki namu darasin. Wasiƙar farko da muka tsara tana nan a durowa, ba mu yaga ta ba. Hajiya ta amince duk wanda ke da irin wannan matsala a kawo takardunsa ofishin ƙungiya ranar Asabar, mu tara mu kai mata ta duba, ba ko kwabo. A zo da kwafi, a bar na asali a gida sai an buƙata.

Allah ya saka wa Hajiya da alheri, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya buɗa wa masu nema.

Sakataren Ƙungiya, Azare.